"Ai mun yi magana a waya": yadda za ka canza kwantiragi ba tare da maganar ta tashi a banza ba

Akwai sharuɗɗa guda biyu da suke ɓuya can ƙarshen kwantiragi, wajen da mutum ya riga ya gaji da karatu yana neman inda zai sa hannu kawai, kuma su biyun nan su ne suke yanke hukunci ranar da rigima ta tashi a kan "ai ka ce min kaza". Ɗaya yana cewa wannan takardar ita ce dukkan abin da muka yarda a kai, babu wani abu a wajenta. Ɗayan kuma yana cewa ba za a canza komai a ciki ba sai a rubuce, kowa ya sa hannu. Mutane suna haɗa su wuri ɗaya amma aikinsu daban ne. Na farko ƙofar baya yake rufewa, wato duk maganar da aka yi kafin sa hannu. Na biyu ƙofar gaba yake tsarewa, maganar da za a yi bayan an sa hannu. In ka riƙe wannan bambancin to rabin aikin ya ƙare.

Bari in fara da wata shari'a ta gaske, don ita ce ta sa nake ɗaukar maganar nan da zafi.

A Landan, wani kamfani mai suna Rock Advertising ya karɓi ofis a hannun wani kamfanin mai suna MWB na tsawon wata 12, daga watan Nuwamba 2011. Kafin ƙarshen Fabrairu 2012 bashin kuɗin ofis ya taru a kan Rock ya haura fam 12,000. Sai daraktan Rock ya kira ma'aikaciyar MWB mai bin basussuka a waya, ya kawo sabon tsarin biya, a ɗaga masa ƙafa a watannin farko sannan a rarraba bashin a kan sauran watannin. A ranar ya tura fam 3,500, kason farko na sabon tsarin. Daga baya shugaban matar ya ce bai yarda ba, a ƙarshen Maris 2012 MWB suka kulle ofis suka hana Rock shiga, suka kai ƙara.

Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne, alƙalin farko ya yarda cewa da gaske an yi yarjejeniyar a waya, kuma matar tana da ikon yin ta. Ba a ce daraktan ƙarya yake ba. Amma a cikin takardarsu akwai sashe na 7.6 da ya ce duk wani canji sai an yarda da shi, an rubuta, ɓangarorin biyu sun sa hannu kafin ya fara aiki, don haka alƙalin ya ba MWB gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara a 2016 ta ba Rock gaskiya, ta ce ai mutanen da suka ƙulla sharaɗi suna iya kwance shi da baki. Da aka je Kotun Ƙolin Birtaniya a watan Mayu 2018 sai ta soke wancan hukuncin, ta ce canjin bai yi aiki ba tunda ba a rubuta an sa hannu ba. Mutum ya yi magana da wadda ya dace, ta amsa, ya biya kuɗi, kuma duk da haka ya faɗi. Takarda mai layi biyar da ta cece shi.

To ga yadda nake ganin ya kamata mutum ya bi abin, daga kafin sa hannu har zuwa ranar da za a so canji.

Da farko, nemo sharuɗɗan biyu ka karanta su a hankali

In kwantiragin da Turanci yake kuma yana cikin waya ko kwamfuta, buɗe wajen bincike ka rubuta `Entire Agreement` ko `Whole Agreement`, a wasu takardun Amurka za ka ga `Merger` ko `Integration`. Na biyun kuma nemi `Variation` ko `Amendment` ko `Modification`. Wani lokaci ba su da kanu nasu, an cusa su ƙarƙashin `General` ko `Miscellaneous`, wani lokaci ma duka biyun suna cikin sakin layi ɗaya kamar yadda aka yi a takardar Rock.

In ka samu sharaɗin canji, tambayoyi huɗu za ka yi masa. A rubuce kawai ya ce, ko a rubuce da sa hannu? Wa zai sa hannun, kowane ma'aikaci ko sai darakta ko wani mai muƙami da aka ambata? Ya yarda da imel ko ya cire shi? Sannan ya ce dole takardar canjin ta ambaci sashen da ake canzawa? Amsoshin nan ka rubuta su a wani wuri da za ka gani, domin bayan wata takwas ba za ka tuna ba, kuma a lokacin ne za ka buƙace su.

Kafin ka sa hannu, kwaso duk alkawuran baki ka zuba su cikin takarda

Nan ne sharaɗin farko yake cin mutane. A ce kana ɗaukar kwangilar kawo wa wani kamfani kaya katon 500 duk wata na shekara ɗaya. A wajen tattaunawa manajansu ya ce maka kar ka damu, mu za mu riƙa turo mota tana ɗauka, kuma in kaya sun lalace a hanya mu ne da asara. Ka ji daɗi, ka rage farashi saboda haka. Aka kawo takarda, babu maganar mota a ciki, amma akwai sharaɗin da ya ce takardar nan ta shafe duk wata tattaunawa ko alkawari ko fahimta da aka yi a baya, na baki ko na rubuce. Ka sa hannu. To maganar mota ta mutu a wannan minti ɗin, ko da kana da saƙon da ya turo maka yana faɗa, domin kalmar "na rubuce" ta haɗa har da saƙonnin da tsofaffin imel da takardar tayin farashi.

Dama ko babu wannan sharaɗin, a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila akwai tsohuwar ƙa'ida cewa ba a kawo shaidar baki don a ƙara ko a saɓa wa abin da aka rubuta, sai dai ƙa'idar tana da ƙofofi da yawa, mutum yana iya cewa ai an yi wata ƙaramar yarjejeniya a gefe. Sharaɗin cikakkiyar yarjejeniya an ƙirƙiro shi ne don ya toshe wannan ƙofar ta gefe, kada wani ya koma yana tonon tsofaffin hirarraki yana neman wata kalma da aka furta don ya gina ƙara a kanta.

Abin yi mai sauƙi ne amma yana buƙatar ƙarfin hali. Zauna da takarda da biro ka rubuta duk abin da aka faɗa maka wanda da ba don shi ba da ba ka yarda da farashin ko wa'adin ba. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka nemo su a cikin kwantiragin. Wanda babu, ka ce a saka, ko a jiki ko a matsayin rataye wanda kwantiragin ya ambata da suna ya ce yana cikin yarjejeniyar. In suka ce haba ai mun riga mun yi magana ba sai an rubuta ba, to tambaye su me zai hana a rubuta tunda an yarda. Wanda yake da niyyar cikawa layi ɗaya ba zai dame shi ba.

Sharaɗin nan yana da iyaka fa, kada a tsorata ka da shi fiye da ƙarfinsa. Ba ya wanke wanda ya yi maka ƙarya da gangan don ka sa hannu, zamba ba a rufe ta da sharaɗi. A Ingila ma kotu ta nuna, a shari'ar AXA Sun Life da Campbell Martin ta 2011, cewa faɗin "wannan ita ce dukkan yarjejeniya" kaɗai bai isa ya hana ƙarar cewa an ba ka bayanin da ba daidai ba kafin ka shiga, sai an faɗi hakan ƙarara. Shi ya sa lauyoyi suke ƙara wani layi da ke cewa ka amince ba ka dogara da wani bayani da ba ya cikin takardar ba. Wannan layin ka sa masa ido sosai, shi ne ya fi cizo, domin kana sa hannu ne a kan cewa abin da ya ja ka cikin cinikin bai ja ka ba.

Ranar da ake son canji

Mu ci gaba da misalin. Kwantiragin ya ce ka kawo kaya ranar 5 ga kowane wata, in ka makara za a cire maka kashi 2 cikin 100 na kuɗin kayan a kan kowane mako, kuma in ka makara sau uku suna iya soke kwangilar. A wata na huɗu masana'antar da kake saro kaya ta canza ranar fitar da kaya, ba za ka iya cika ranar 5 ba sai 15. Ka kira manaja, ya ce ba komai, ka riƙa kawowa 15. Ka yi haka wata uku, ana karɓa ana sa maka hannu a takardar shigar kaya. Sai manajan ya bar aiki, sabon da ya zo ya buɗe fayil ya ga makara uku, kowacce kwana 10, ya aiko maka da takardar cire kuɗi da ta sokewa. A idon takarda shi ne mai gaskiya.

Ga abin da ya kamata ka yi a ranar da kuka yi wayar, ba gobe ba.

Kana ajiye waya ka tura saƙo a rubuce kana maimaita abin da kuka faɗa, da rana da lokaci. Wannan saƙon shi kaɗai bai canza kwantiragi ba, kada ka ruɗi kanka, shaida ce kawai cewa an yi maganar, kuma hanya ce ta buɗe zancen takardar canji. A ƙarshensa ka ce ga takardar nan tafe don a sa hannu kamar yadda sashe kaza ya tanada.

Sai ka rubuta takardar canjin. Ba sai ta yi tsawo ba, shafi ɗaya ya isa, amma abubuwan nan su kasance a ciki: cikakken sunan ɓangarorin biyu yadda yake a asalin kwantiragin, ranar da aka sa hannu a asalin, lambar sashen da ake taɓawa, tsohon zance da sabon zance kalma da kalma, ranar da canjin zai fara aiki da ranar da zai ƙare in na wucin gadi ne, sai layin da ya ce sauran sharuɗɗa suna nan daram. Misali jikin zai iya cewa: bisa sashe na 18 na yarjejeniyarmu da ya tanadi yadda ake canji, mun amince a sashe na 4 a cire "ranar 5 ga kowane wata" a saka "ranar 15 ga kowane wata", daga watan huɗu har ƙarshen kwangilar, kuma ba za a ɗauki kawo kaya a ranar 15 ko kafin ta a matsayin makara ba a ƙarƙashin sashe na 9 da na 14.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce mutane suke mantawa. Ka canza ranar kawo kaya amma sashen cire kuɗin makara da sashen sokewa suna can suna lissafi da tsohuwar rana in an rubuta ta a cikinsu daban. Duk lokacin da ka taɓa rana ko adadi ko farashi, bi takardar daga farko zuwa ƙarshe ka ga ina da ina lambar ta sake fitowa. In kuma akwai wanda ya tsaya maka a matsayin mai lamuni, a sanar da shi a karɓi amincewarsa a rubuce, domin a tsarin shari'ar Ingila canza yarjejeniya ba da yardar mai lamuni ba yana iya sauke masa nauyin gaba ɗaya.

Sai maganar wanda zai sa hannu, nan ma ana zamewa. In sharaɗin ya ce darakta, to sa hannun manajan sito ba zai yi ba komai kirkinsa. Wallahi gara ka jira kwana uku darakta ya dawo daga tafiya da ka karɓi sa hannun da ba shi da amfani. Ɗaya daga cikin dalilan da Kotun Ƙoli ta bayar a shari'ar Rock na mutunta irin wannan sharaɗin shi ne yana ba kamfani damar tsare wa ke da ikon ɗaure shi, sauran biyun kuwa su ne hana mutane ƙirƙiro canjin ƙarya, da kauce wa gardama a kan ainihin me aka yarda a baki. Kenan in ka tsallake mutumin da aka ambata, ainihin abin da sharaɗin ya zo karewa ka taka.

Imel fa? Ya danganta da kalmomin sharaɗin da dokar ƙasar da ke mulkin kwantiragin. Kotunan Ingila sun sha karɓar imel a matsayin rubutu, da sunan da mutum ya sa a ƙasansa a matsayin sa hannu, in sharaɗin bai hana ba. Amma kwantiragi da yawa yanzu suna faɗa ƙarara cewa "a rubuce" bai haɗa da imel ba, kuma wannan bayanin yakan zauna ne can a sashen ma'anar kalmomi a farkon takarda, ba kusa da sharaɗin canji ba, don haka duba can ɗin ma. Ni dai shawarata takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, ko da ta hanyar sa hannun lantarki ne in an yarda da shi, kowa ya riƙe kwafi, a liƙa ta jikin asalin kwantiragin a sa mata lamba, canji na 1, canji na 2.

Wani abu kuma, in canjin kai kaɗai yake amfana, kamar a rage maka bashi ko a ƙara maka kuɗi a kan aikin da dama wajibinka ne, a tsarin Ingila ana iya tayar da maganar cewa me ka bayar a madadi, domin alkawarin da ba a ba da komai a kansa ba yana da rauni. Maganinsa a rubuta abin da kowane ɓangare ya samu ko da ƙarami ne, ko lauya ya tsara takardar a sigar da ba ta buƙatar musaya. A shari'ar Rock an tayar da wannan batun amma kotu ba ta yanke shi ba tunda maganar rubutu ta riga ta raba gardamar.

Kuma har sai an sa hannu, ka ci gaba da bin tsohon tsari iya ƙarfinka. Na san wannan yana da wuya, ai matsi ne ya sa ka nemi canjin tun farko, amma duk kwanan da ka yi kana aiki da maganar baki kana tara laifi ne a takarda.

In aikin gama ya gama, an riga an yi da baki

Kada ka fara da faɗa. In har yanzu kuna shiri da su, yau ɗin nan ka nemi a rubuta takardar da za ta tabbatar da canjin ta koma baya zuwa ranar da aka fara aiki da shi, ta kuma ce sun yafe duk wani haƙƙin tara ko sokewa da ya taso a tsakani. A sa mata ranar yau ta gaskiya, a cikin jikinta ne za a ce tana aiki tun daga rana kaza. Kada a sa tsohuwar rana a wajen sa hannu don a nuna kamar tun da aka yi ta, wannan wata matsalar ce mai zaman kanta.

In kuma an riga an ɓata, abin da ya rage maka shi ne ƙa'idar da ke hana mutum lashe amansa, wato in ya nuna maka abu ka dogara da shi ka yi aiki a kai, ba zai juyo ya ce bai san zancen ba. Sai dai ƙofar ƙunci gare ta. A shari'ar Rock kotu ta ce dole a samu kalmomi ko aiki da suka nuna ba tare da shakka ba cewa canjin yana aiki duk da ba a bi tsarin rubutun ba, kuma ana buƙatar wani abu fiye da alkawarin bakin shi kansa. Biyan fam 3,500 ɗin nan bai isa ba, ai kuɗin da dama ake bin su ne. A misalinmu, karɓar kaya ranar 15 sau uku shiru ba lallai ya wadatar ba, musamman in akwai sharaɗin da ya ce yin shiru a kan haƙƙi ba yafe shi ba ne, wanda za ka same shi da sunan `No Waiver`. Amma in akwai saƙo daga darakta yana cewa mun san sashe na 18 yana son sa hannu, ku ci gaba kawai ba sai an yi ba, kuma sun canza ranar a takardun odarsu zuwa 15, to ka samu abin riƙewa. Tattara irin waɗannan duka, odoji, rasit, saƙonni, takardun shigar kaya, ka jera su bisa kwanan wata kafin ka je wajen lauya.

Sannan ka duba sashen da ya faɗi dokar wace ƙasa ce ke mulkin kwantiragin, domin duniya ba ta haɗu a kan amsa ɗaya ba. Tun 1919 alƙali Cardozo a New York ya tafi a kan cewa waɗanda suka ƙulla yarjejeniya suna iya kwance ta, har da sharaɗin da ya hana canjin baki, amma daga baya jihar ta yi dokar da ta ba irin wannan sharaɗin ƙarfi. Kotun ɗaukaka ƙara ta Singafo a 2021 ta nuna ba ta bin tsaurin hukuncin Rock. Yarjejeniyar Vienna ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe kuwa, a sashe na 29, ta ce in kwantiragi ya nemi canji a rubuce to ba a canza shi ta wata hanya, sai dai halin da mutum ya nuna yana iya hana shi fakewa da sharaɗin gwargwadon yadda ɗayan ya dogara da halin nasa. Ko a inda kotu take da sassauci, nauyin kawo hujja a kanka yake, kai ne za ka tabbatar da me aka ce, wa ya ce, kuma yana da ikon cewa, alhali shi ɗayan takarda kawai zai ɗaga.

In kai ne kake tsara kwantiragin tun farko, ka rubuta sharaɗin canji daidai da yadda kuke aiki da gaske. In kun san ranar kawo kaya da adadin katon za su riƙa motsi duk wata, kada ku ɗaure kanku da sa hannun daraktoci biyu a kan kowane ƙaramin abu, ba za ku bi ba, kuma ranar rigima shi za a zaro. Ku raba shi gida biyu: ƙananan abubuwa kamar rana da adadi da wurin sauke kaya a canza su ta imel tsakanin mutum biyu da aka ambata da muƙaminsu, manya kuma kamar farashi da wa'adin kwangila da tara da sokewa sai da takarda mai sa hannun darakta. Ku rubuta muƙami maimakon sunan mutum, ku kuma sa layin da ya ce in mai muƙamin ya canza za a sanar da ɗaya ɓangaren a rubuce cikin kwana 7.